Shafi Guda a Cikin Waya: Tambayoyin Zuciya da Jini, da Dalilin Kowace Amsa

Duk wanda yake da ɗa ko ƙanwa a makarantar koyon aikin jinya, ko ta ungozoma, ko kwalejin kiwon lafiya, ya san yadda wayoyinsu kan cika da hotunan takardu idan jarrabawa ta ƙarato. Wani ne zai samo tsohuwar takardar tambayoyi a wajen 'yan ajin gaba, ya shimfiɗa ta a kan katifa ya ɗauka, ya tura zauren ajinsu na WhatsApp. Kafin gari ya waye ta shiga wayoyi ɗari. Darasin da ya fi yawo ta wannan hanya shi ne anatomi da fisiyoloji, wato ilimin ƙirar jikin ɗan Adam da na yadda gaɓoɓinsa suke aiki. Tambayoyin irin na canki-canka ne: tambaya ɗaya, amsoshi huɗu daga A zuwa D, ka zaɓi guda.

Shafin da ke gabana irinsu ne. An ɗauke shi da dare, inuwar hannun mai ɗaukar ta rufe kusurwar dama, takardar ta lanƙwashe a wajen ɗinki, kuma wani da ba a san ko wane ne ba ya bi kowace tambaya ya yi wa amsa ɗaya maki da jan biro. Wannan jan biron shi yawancin ɗalibai suke haddacewa. Ni kuwa ina ganin harafin da aka yi wa maki shi ne mafi ƙarancin amfani a duk shafin, domin malami yana iya juya jerin amsoshin gobe, kuma mai jan biron kansa yana iya yin kuskure. Abin da yake zama a kai shi ne dalili, ko da jimla biyu ce. Bari mu bi tambayoyin, waɗanda duk a kan zuciya da jini suke, na mayar da su Hausa daga Turancin da aka rubuta su.

Ta farko tana cewa: wane ɗaki ne na zuciya bangonsa ya fi kauri? An jero ɗakunan huɗu, na sama na dama, na sama na hagu, na ƙasa na dama, na ƙasa na hagu. Ba za a amsa wannan da hujja ba sai an san hanyar da jini yake bi, kuma hanyar ba ta da wuya. Jinin da ya gama zagaya jiki, oksijinsa ya ragu, yana dawowa ɗakin sama na dama. Daga nan ya gangara ɗakin ƙasa na dama, wanda zai tura shi huhu ya ɗebo oksijin. Daga huhu ya dawo ɗakin sama na hagu, ya gangara ɗakin ƙasa na hagu, shi kuma ya harba shi cikin babbar jijiyar da ake kira awota, ta rarraba shi daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Tsakanin kowane ɗakin sama da na ƙasa akwai bawul da ke hana jini komawa baya, haka ma a bakin kowace mafita.

To, wa ya fi shan aiki? Ɗakunan sama ba su da wata doguwar tafiya, jini kawai suke miƙa wa na ƙasansu, don haka bangonsu siriri ne. Saura biyu. Mai noman rani ya san injin ban-ruwan da zai shayar da fadamar da ke bakin kogi ba ɗaya yake da wanda zai hau da ruwa gonar kan tudu ba. Ɗakin ƙasa na dama huhu kawai yake kai wa jini, ga shi nan maƙwabcinsa, kuma hanyoyin jinin huhu ba su da tsauri. Ƙarfin turawarsa bai wuce wajen 25 ba a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Na hagu kuwa shi ne mai lambar nan 120 da ake faɗa wa mutum a asibiti idan an ce jininsa 120 bisa 80 ne. Shi ya sa tsokar bangonsa ta ninka ta na dama kusan sau uku. Amsa: ɗakin ƙasa na hagu. Dalili a taƙaice: shi ke tura jini duk jiki, da matsi mai yawa.

Akwai tarko a nan da yake kama masu wayo. Wani zai ce tunda na hagu ya fi ƙarfi, ai ya fi fitar da jini da yawa. Ba haka ba ne. Ɗakunan ƙasan biyu adadi ɗaya suke fitarwa, in ba haka ba jini zai taru a gefe guda. Hakan ma yakan faru idan ɓangaren hagu ya gaza: jini ya yi cunkoso a huhu, ruwa ya tsattsafo cikinsa, mara lafiya ya kasa kwanciya rigingine sai an tara masa matasan kai. Wanda ya taɓa jinyar dattijo mai ciwon zuciya ya ga wannan da idonsa, ko da bai san dalilinsa ba.

A tambaya ta biyu ne jan biron ya yi ɓatan kai. Tambayar ita ce: wace jijiya ce take ɗauke da jini mai cike da oksijin? Cikin amsoshin akwai atarin huhu, akwai bein ɗin huhu, akwai manyan bein biyu masu dawo da jinin jiki zuwa zuciya. Mai jan biro ya yi wa atarin huhu maki, kuma ana iya gane abin da ya ja shi. Tun a sakandare ake karantar da yara cewa atari jini mai oksijin take ɗauka, bein kuma wanda oksijinsa ya ragu. Haka abin yake a mafi yawan jiki, amma ba da wannan aka raɗa musu suna ba. Da alƙibla aka raɗa: duk jijiyar da take fitar da jini daga zuciya atari ce, duk wadda take mayar da shi zuciya bein ce, ko wane irin jini ke ciki. Idan aka koma kan hanyar da muka bi ɗazu, jijiyar da ta tashi daga ɗakin ƙasa na dama zuwa huhu fita take yi daga zuciya, saboda haka atari ce, alhali jinin cikinta bai kai ga ɗebo oksijin ba tukuna. Waɗanda suka taso daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu, su huɗu ne, biyu daga kowane huhu, komowa suke yi, saboda haka bein ne, kuma jininsu ya fi na ko'ina oksijin. Amsa: bein ɗin huhu. Duk wanda ya haddace makin jan biron ya haddace kuskure, kuma ya raba shi da abokansa.

Ɗaliban ungozoma suna da wuri na biyu da wannan juyin yake faruwa, kuma malamai suna son tambayarsa. A cikin cibiyar ɗan tayi akwai jijiyoyi uku, atari biyu da bein ɗaya. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga mabiyiya yake samun oksijin. Don haka bein ɗin cibiya, mai tahowa daga mabiyiya zuwa wajen zuciyar jariri, ita ce mai jini mai oksijin, atari biyun kuma su ke mayar da wanda aka yi amfani da shi. Ƙa'idar alƙibla guda ta warware tambayoyin biyu.

Wannan ɗan zagayen na zuciya zuwa huhu da dawowa yana da tarihi da ya cancanci a ambata. Shekaru aru-aru likitoci suna bin maganar Jalinusu cewa jini yana ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙananan ramuka a bangon da ya raba zuciya. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ya ce babu wasu ramuka a wurin, jini ta huhu yake bi. Sai a 1628 Baturen Ingila William Harvey ya wallafa bayanin zagayen jini na jiki gaba ɗaya.

Ta uku ba ta buƙatar dogon zance. Daga ina bugun zuciya yake farawa? Daga wani ɗan ƙullin ƙwayoyi a bangon ɗakin sama na dama, wanda littattafai ke kira ƙullin SA. Akwai wani ƙullin a ƙasa da shi, na AV, wanda shi ma yana iya tayar da bugu da kansa, shi ya sa ake saka shi cikin amsoshin don ya ruɗar. Abin da ya raba gardama shi ne sauri. Na SA yana tayar da bugu 60 zuwa 100 a minti ɗaya, na AV kuwa 40 zuwa 60. Wanda ya riga tayarwa shi ake bi, don saƙonsa yana isa kafin ɗayan ya shirya. Idan na SA ya lalace, na AV yakan karɓi ragama, sai a ji bugun mutum ya sauko wajen arba'in da wani abu.

Ta huɗu ita ce wadda na fi so a shafin, ita ce kuma wadda ɗalibai suka fi tsallakewa don sun ga lissafi. Ga yadda take: ɗakin ƙasa na hagu na wani mutum yana ɗauke da jini mililita 120 idan ya cika, bayan ya matse kuma mililita 50 ke saura a ciki. Zuciyarsa tana bugawa sau 72 a minti. Lita nawa take fitarwa a minti ɗaya? A, 3.6. B, 5.0. C, 8.6. D, 12.2.

Abu na farko da tambayar take koyarwa, tun kafin a taɓa lissafi, shi ne zuciya ba ta juye duk abin da ke cikinta. Kowane bugu yana barin saura. Abin da ya fita shi ne bambancin cika da saura: 120 a cire 50, mililita 70 ke nan a bugu guda. Sai a ninka da yawan bugu. A littafi haka ake rubuta shi, CO = SV × HR, wato abin da zuciya ke fitarwa a minti daidai yake da na bugu ɗaya sau yawan bugu. 70 sau 72 ya ba da mililita 5,040, lita biyar da 'yan kai. Amsa B. Jinin da ke jikin babban mutum gaba ɗaya shi ma wajen lita biyar ne, ma'ana a cikin minti ɗaya, mutum yana zaune bai yi komai ba, kusan duk jininsa ya ratsa zuciyarsa sau ɗaya.

Yanzu a dubi sauran amsoshin uku, don ba da ka aka zuba su ba. Wanda ya ninka 50 da 72, wato ya ɗauki saura a matsayin abin da ya fita, zai samu 3.6, ga ta nan a A tana jiransa. Wanda ya manta da saura ya ninka 120 da 72 zai samu 8.6, ga C. Wanda ya tara 120 da 50 maimakon ya cire zai samu 12.2, ga D. Kowace amsar banza sawun wani kuskure ce da malamin ya san ɗalibai suna yi. Shi ya sa ganin lambar da ka samu a cikin jerin ba ya nuna ka yi daidai. A ganina ɗalibin da zai iya faɗin kuskuren da ya haifi kowace amsar banza ya fi wanda ya san ta daidai kaɗai fahimtar darasin nesa ba kusa ba.

Wannan ɗan lissafin yana bin ma'aikaciyar jinya har bakin gado. A ɗauki matar da ta haihu jini ya ɓalle mata. Jinin da ke komawa zuciyarta ya ragu, ɗakin ba ya cika, abin da ke fita a kowane bugu ya sauko, a ce daga 70 zuwa 45. Jiki yana son litarsa biyar. Cikin lambobi biyun da ake ninkawa ɗaya ta faɗi, sai ya ɗaga ɗayar: bugu ya hau 110, kuma 45 sau 110 ya ba da 4,950. Ƙananan jijiyoyin fata su ma su tsuke, hannu da ƙafa su yi sanyi. A wannan lokacin na'urar awon hawan jini tana iya nuna lamba mai kyau, musamman ga mace mai ƙuruciya, alhali jini yana ta zuba. Bugun da ke hawa shi ne yake riga yin magana. Kafin awon jini ya faɗi, an riga an yi asara mai yawa. Dalilin da ya sa ake dagewa a riƙa ƙirga bugun mai jego a kai a kai bayan haihuwa ke nan.

Tambaya ta biyar: kwana nawa jar ƙwayar jini take rayuwa? Amsa, wajen kwana 120. Wannan kam haddacewa ce, amma tana da dalilin da zai riƙe ta. Jar ƙwaya tana zubar da cibiyarta kafin ta bar ɓargo, don haka ba ta iya gyara kanta. Tana ta kutsawa ta cikin hanyoyin da suka fi ta ƙanƙanta har ta tsufa ta yi tauri, sai saifa da hanta su tsince ta. A adana ƙarfen cikinta don yin sabuwa, sauran launin kuma ya zama wani sinadari rawaya da hanta ke fitarwa ta cikin ruwan maɗaci. Mu da sikila ta yi yawa a cikinmu, wannan lambar tana da nauyi. Ƙwayar mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Ɓargo ba ya iya cike gurbin da wannan saurin, sai ƙarancin jini. Hanta ba ta iya kwashe rawayan sinadarin da wannan yawan, sai idanu su yi launin shawara. Abubuwa biyun da uwar mai sikila ta fi sani a jikin ɗanta, daga amsar tambaya ɗaya suka fito.

Ta shida ita ce wadda inuwar hannu ta faɗa wa. Abin da ake iya karantawa shi ne: waɗannan ayyukan hanta ne a jikin baligi. Daga nan sai duhu. Amsoshin kuwa sun fito sarai: yin ruwan maɗaci, adana sukari don lokacin buƙata, haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, samar da jajayen ƙwayoyin jini. Wanda ya karanta da gaggawa zai ga ta farko gaskiya ce, ya zaɓe ta ya wuce. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga ta biyu ma gaskiya ce, ta uku ma haka, shi ya sa mai ciwon hanta mai tsanani jininsa ba ya saurin tsayawa. Tambaya ba za ta kasance da amsa uku ba. Idan uku sun zama gaskiya ɗaya ta zama ƙarya, to kalmar da inuwa ta haɗiye ta togaciya ce, wato "ban da", wadda galibi a ƙarshen layi take zuwa, daidai inda hoto ya fi yankewa. Amsa ita ce ta huɗu: a jikin baligi ɓargo ne yake yin jajayen ƙwayoyi. Kalmar "baligi" ma ba ado ba ce. Hantar ɗan tayi tana yin wannan aikin tsawon watanni kafin ɓargo ya karɓa, don haka da an cire kalmar, da tambayar ta zama abin jayayya.

Irin ɓarnar da hoto ke yi ba ta tsaya nan ba, kuma ƙananan alamomi ta fi ci. A ƙasan shafin akwai tambaya kan rukunin jinin da ake iya ƙara wa kowa jajayen ƙwayoyinsa a halin gaggawa. Amsar ita ce O mai alamar cirewa, don ƙwayoyinsa ba su ɗauke da tambarin A ko na B ko na Rh da jikin mai karɓa zai far wa. Amma a hoton da aka tura aka sake turawa, ɗan layin cirewa da alamar tarawa sun koma ɗigo iri ɗaya, A da B na jerin duk sun zama O kawai. Haka ɗigon da ke cikin 5.0 yake ɓacewa ta koma 50, haka 3 take komawa 8. Mai dalili a kai zai san babu zuciyar da ke fitar da lita hamsin mutum yana zaune. Mai harafi kaɗai ba shi da abin da zai kare kansa da shi.

Ba cewa nake a daina amfani da tsofaffin tambayoyi ba. Jarrabawar ai da irinsu ake yin ta, kuma littafi irin na Ross da Wilson, wanda makarantun jinya da yawa suke karantarwa da shi, ba kowane ɗalibi ne yake da kuɗinsa ba. Rokona ga masu ɗaukar hoton ne da masu karɓa. Mai ɗauka ya fita da takardar haske, ya danne ta ta miƙe, ya tabbatar ƙarshen kowane layi da lambar shafi sun shiga, ya kuma tura ta a matsayin fayil don kada manhaja ta rage mata kyau. Mai karɓa kuma ya rufe makin jan biro da yatsa, ya amsa da kansa, ya rubuta dalilinsa a jimla ɗaya. In amsarsa ta saɓa da ta jan biron, ya buɗe littafi ko ya tambayi malaminsa kafin ya tura wa wani.